Sharhi kan manhajar auna riba da kasada: abin da take nunawa da abin da ba ta sani ba

Manhajar da zan yi magana a kanta aiki biyu take yi. Kafin ka shiga ciniki, za ka ɗora akwati a kan jadawalin farashi, ka sa wurin shiga, da wurin da za ka yanke asara, da wurin da za ka kwashi riba. Ɓangaren asara ja ne, na riba kore, a tsakiya kuma lamba ce da ke gaya maka ninki nawa ribar ta yi wa abin da ka sa a kasada. Bayan ka fita kuma, tana ajiye tarihin cinikin ta haɗa maka lissafi. Na jima ina amfani da ita a kasuwar canjin kuɗi, kuma a ganina ta ci kuɗinta, amma ba don akwatin nan mai launi da kowa ke yabawa ba.

Ga yadda aikin yake a zahiri. A ce jarinka dala 1,000 ne, kuma ka ƙudura ba za ka sa fiye da kashi 1 cikin 100 a kasada ba a ciniki ɗaya, wato dala 10. Kana son sayen EUR/USD, wato yuro da dalar Amurka, a 1.0850. Ka duba ka ga farashin ya sha faɗowa kusa da 1.0825 yana komawa sama, sai ka ajiye Stop Loss ɗinka, wato wurin yanke asara, ƙasa da wurin kaɗan, a 1.0820. Tazarar maki 30 ke nan, abin da allon ke rubutawa pip. Can sama, a 1.0910, akwai inda farashin ya taɓa cijewa, sai ka sa Take Profit, wato wurin kwasar riba, a nan, maki 60. Manhajar za ta nuna maka 2, ma'ana kana neman biyu da kasadar ɗaya. Sannan ta lissafa girman cinikin: a wannan kasuwa, 0.01 na lot, wato ma'aunin girman ciniki, yana ba da santi 10 a kowane maki, don haka 0.03 ne ya dace da kai. Idan abin ya ƙi, ka rasa dala 9. Idan ya yi, ka samu 18.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar da take sakawa a ƙasan wannan: sau nawa cikin ɗari kake buƙatar ci don kawai ka tashi ba riba ba asara. Lissafin ba wani boyayyen abu ba ne:

```
kasada / (kasada + riba)
```

A misalinmu, 30 a raba da 90, kusan kashi 33 cikin 100. Wato ko sau ɗaya kake ci cikin uku, jarinka na nan. Da ɗaya da ɗaya ne, sai ka ci rabi. Da kuwa kana kasadar uku don neman ɗaya, sai ka ci kashi 75 kafin ma a fara maganar riba.

Nan ne ake gane dalilin da ya sa yawan ci kaɗai yake ruɗar mutane. Ɗauki mutum biyu, kowa ya yi ciniki goma. Na farko ya ci bakwai, dala 10 kowanne, ya faɗi uku, dala 30 kowanne. Ya samu 70, ya rasa 90, ya tashi da giɓin dala 20, alhali in ka tambaye shi zai ce maka kashi 70 yake ci, kuma bai yi ƙarya ba. Na biyu ya ci huɗu kacal, dala 20 kowanne, ya faɗi shida, dala 10 kowanne. Ya samu 80, ya rasa 60, dala 20 ta shiga aljihunsa. Shi ya sa idan na ga masu sayar da sigina, wato shawarar inda za a shiga ciniki da inda za a fita, suna tallar cewa kashi 80 suke ci, abin da nake fara dubawa shi ne nisan wurin yanke asararsu. Idan ya ninka na ribar sau biyar, to suna buƙatar sama da kashi 83, kuma tamanin ɗin da suke taƙama da ita asara ce a hankali. Yawan ci abu ne mai sauƙin ƙerawa: matso da riba kusa, ka kai wurin yanke asara nesa, za ka yi ta ci har ranar da faɗuwa ɗaya za ta haɗiye na mako guda.

Sai dai manhajar ma tana da tarkonta. Akwatin koren nan da yatsa ake jan sa. Ka ja shi sama, lambar ta tashi daga 2 zuwa 3, zuwa 5, ta yi kyau a ido, kuma babu gargaɗin da zai fito. Ita ba ta san cewa duk nisan da ka ƙara, damar farashin ya kai can tana raguwa ba. Haka in ka matse jan akwatin zuwa maki 10 don lambar ta hau, ka ajiye shi ne a inda kaiwa da komowar farashi ta yau da kullum za ta taɓa shi. Lambobin biyu, ninkin riba da yawan ci, a ɗaure suke da juna, ka ɗaga ɗaya ɗayar ta sauka. Don haka ni sai na gama zaɓar wuraren biyu daga abin da jadawalin ya nuna, sannan nake kallon lambar. In ba ta gamsar ba, cinikin nake bari, ba akwatin nake ja ba.

Inda na ga gazawarta sosai shi ne kuɗin dillali. Ba ta cire tazarar farashin saye da sayarwa ko kamasho sai ka shiga saituna ka sa da hannunka, kuma wurin a ɓoye yake. A ce duka biyun maki 2 ne. A cinikinmu na sama kasada ta koma 32, riba 58, abin da kake buƙata ya tashi zuwa kusan kashi 36. Wannan da sauƙi. Amma mai ƙananan ciniki, da ke kasadar maki 5 don neman 10, nasa ya koma 7 da 8. Allon na nuna masa 2, alhali yana buƙatar ci kusan kashi 47. Ga kuma zamewar farashi, domin Stop Loss ba alkawari ba ne na cewa a daidai nan za a fitar da kai. A ranar 15 ga Janairun 2015, da babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin yuro da kuɗinsa, farashi ya tsallake wuraren yanke asarar mutane da nisa, wasu har suka tashi da bashi. Irin wannan ba kullum ba ne, amma ƙaramarsa tana faruwa lokacin fitar manyan labaran tattalin arziki da buɗewar kasuwa bayan hutun ƙarshen mako.

Ɓangaren tarihin ne ya sa ban daina biyan kuɗinta ba. Yana jera ninkin da ka tsara kafin shiga gefe da gefe da wanda ka samu a zahiri. Mutum zai tsara 2, amma da ya ga maki 25 na riba sai zuciya ta tsinke ya rufe, asara kuwa ya bar ta ta cika 30 ɗinta. Yawan cinsa zai ƙaru, ya ji daɗi, amma yanzu sai ya ci kusan kashi 55 kafin ya tsira, shi kuwa har yanzu lissafin 33 yake yi a ransa. Ginshiƙan nan biyu suna tona wannan nan take. Sai dai kada a yanke hukunci da ciniki goma ko ashirin. Ga mai cin kashi 40, damar ciniki biyar na gaba su faɗi duka ta kusa kashi 8 cikin 100, don haka jerin faɗuwa ba ya nufin tsarin ya lalace.

Wanda akwatin aunawar kawai yake so, ba sai ya biya ba, yawancin manhajojin jadawalin farashi suna da irinsa kyauta. Wanda zai riƙa shigar da tarihin cinikinsa a kai a kai shi ne zai mori wannan, da sharaɗin ya fara sa kamasho da tazarar dillalinsa a saituna tun ranar farko.