Biya daidai-wa-daida ko biya mai raguwa: wanne za a saka a takardar neman rance?

"Ina haɗa takardun neman rancen miliyan 12 na shekara 4 domin sayen injin aiki, kuɗin ruwa kashi 20 cikin ɗari a shekara. Jami'in banki ya ce in zaɓi biya daidai-wa-daida ko biya mai raguwa. Lissafina ya nuna sana'ar za ta bar mini tsabar kuɗi miliyan 6 a shekarar farko, 6.6 a ta biyu, sannan 7 a ta uku da ta huɗu, kuma ginin da zan bayar jingina ya kai miliyan 24. Wanne ya fi?"

Malam, da waɗannan alƙaluma naka, biya daidai-wa-daida ne ya dace ka saka, duk da cewa shi ne ya fi tsada idan aka tara kuɗin ruwan gaba ɗaya. Dalilin yana cikin shekarar farko, domin wanda zai duba takardarka a banki ba jimillar abin da za ka biya cikin shekara 4 ce ta fi damunsa ba, abin da yake nema shi ne shekarar da ta fi kowace rauni, ya ga ko a cikinta kuɗin da sana'ar ke samarwa ya isa biyan bashin har a samu rara.

A tsarin biya mai raguwa, ana raba uwar kuɗin kashi-kashi daidai, wato miliyan 3 kowace shekara, sannan a ɗora kuɗin ruwan abin da ya rage a kanka. Shekarar farko kuɗin ruwan miliyan 2.4 ne, saboda haka za ka biya miliyan 5.4, daga nan nauyin ya riƙa sauka har ya kai miliyan 3.6 a shekarar ƙarshe. A tsarin daidai-wa-daida kuwa, abin da kake biya ba ya canzawa, sai dai cikinsa ne ke sauyawa: da farko kuɗin ruwa ya fi yawa, uwar kuɗi kaɗan, daga baya lamarin ya juya. Za ka iya fitar da adadin da kanka a Excel:

```
=PMT(20%,4,-12000000)
```

Amsar ita ce 4,635,470 a shekara, idan an cike ta. Na yi lissafin ne a kan biyan shekara-shekara domin alƙaluman su yi sauƙin bi, kuma zan dawo kan biyan wata-wata a gaba.

Ma'aunin da banki ke amfani da shi wajen gwada ƙarfin biya shi ne wanda za ka gani a takardunsu da sunan DSCR. Ana samun sa ne ta hanyar raba tsabar kuɗin da sana'a ta bari a shekara da abin da za a biya na bashi a wannan shekarar, uwar kuɗi da kuɗin ruwa haɗe. Idan ya fito 1.00, ma'anarsa duk abin da ka samu ya tafi ga bashin, ba a bar maka ko kaɗan ba. Bankuna da yawa suna neman kada ya gaza 1.25, wasu sun fi haka tsanani, don haka ka tambayi jami'in adadin da suke aiki da shi tun kafin ka miƙa takarda. Ga yadda tsarin biyu suke kafaɗa da kafaɗa, alƙaluman kuɗin duk a miliyan:

| Shekara | Tsabar kuɗi | Biya mai raguwa | DSCR | Daidai-wa-daida | DSCR |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 6.0 | 5.4 | 1.11 | 4.64 | 1.29 |
| 2 | 6.6 | 4.8 | 1.38 | 4.64 | 1.42 |
| 3 | 7.0 | 4.2 | 1.67 | 4.64 | 1.51 |
| 4 | 7.0 | 3.6 | 1.94 | 4.64 | 1.51 |

Jimillar kuɗin ruwa a tsarin raguwa miliyan 6 ce, a ɗaya tsarin kuma kusan miliyan 6.54, wato bambancin bai wuce dubu 540 ba sai da kaɗan. Wannan shi ne abin da ke jan hankalin mutane zuwa ga tsarin raguwa, kuma ba laifi ba ne mutum ya so rage kashe kuɗi. Amma ka dubi layin farko da kyau. Ma'aunin 1.11 ya faɗi ƙasa da 1.25, kuma kyawun 1.94 na shekara ta huɗu ba zai gyara shi ba, tunda ba za a ɗauko kuɗin shekara ta huɗu a biya bashin shekarar farko ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tara shekarun duka a fitar da matsakaici, a rubuta cewa ma'aunin ya haura 1.5, alhali mai duba takardar zai bi layi-layi ne ya tsaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta.

Akwai gwajin da ya kamata ka yi wa kanka tun a cikin takardar, domin ko ba ka yi ba bankin zai yi. Ka ɗauka injin bai iso a kan lokaci ba, ko ciniki ya ja baya, har tsabar kuɗin shekarar farko ta ragu da kashi 15 cikin ɗari, ta koma miliyan 5.1. A tsarin raguwa ma'aunin zai koma 0.94, wato akwai giɓin dubu 300 da dole ka nemo daga wani wuri, ko ka taɓa jarin juyawa, ko ka sake cin wani bashin. A tsarin daidai-wa-daida zai tsaya a 1.10, abin ya matse amma bashin yana biyuwa. A ganina dubu 540 ɗin nan da za ka ƙara cikin shekara 4 kuɗin sayen wannan sararin numfashi ne, kuma ga sana'ar da sabon inji bai fara kawo kuɗi ba tukuna, ba a yi tsada ba.

Za a iya juya lissafin ta ɗaya gefen. Idan aka raba miliyan 6 da 1.25, mafi yawan abin da banki zai yarda ka biya a shekarar farko miliyan 4.8 ne. A tsarin raguwa biyan farko kashi 45 cikin ɗari ne na rancen, saboda haka iyakar abin da za a ba ka kusan miliyan 10.67 ne, ka nemo cikon da kanka. A tsarin daidai-wa-daida iyakar ta kai kusan miliyan 12.43, don haka abin da kake nema ya shiga, ko da yake da ƙyar.

Tunda da ƙyar ne, wajibi ne ka tabbatar miliyan 6 ɗin nan ta gaskiya ce. Hanyar da aka saba bi ita ce a ɗauki ribar da ta rage bayan haraji, a mayar mata da kuɗin ruwa da kuma abin da aka cire na tsufan kayan aiki, tunda wannan na ƙarshe a littafi kawai ake cire shi, kuɗi ba ya fita. Daga nan sai a cire abin da kai mai sana'a kake ɗiba domin hidimar gida, da ƙarin kuɗin da zai kwanta a kayan ajiya da bashin da abokan ciniki ba su biya ba. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne aka fi mantawa. Haka kuma duk wani tsohon bashi da kake biya dole ya shiga ɓangaren biya. Da a ce akwai wani rance da kake biyan dubu 400 a shekara, da 1.29 ɗin nan ya sauka zuwa 1.19, kuma bankin zai gano shi daga bayanan asusunka ko da ba ka ambata ba.

Game da jingina, ginin miliyan 24 yana ƙarfafa takardarka, amma ba ya shiga lissafin DSCR ko kaɗan. Banki yana ɗaukar tsabar kuɗin sana'a a matsayin hanyar biya ta farko, jingina kuma hanya ta biyu da ake komawa gare ta idan ta farko ta toshe, kuma sayar da kadarar mutum abu ne mai ɗaukar lokaci da shari'a da ɗawainiya. Ba kuma da farashin kasuwa zai auna ginin ba. Mai kimanta kadara yakan bayar da adadi biyu, darajar kasuwa da darajar sayarwar dole, bankin kuma ya fi karkata ga na biyun. Idan muka ɗauka an yi masa kashi 70 cikin ɗari, ginin ya koma miliyan 16.8, wanda har yanzu ya rufe rancen sau 1.4. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne takardar mallakar ta kasance da sunanka, ba a jinginar da ita a wani wuri ba, kuma ka saka kuɗin kimantawa da rajistar jinginar da inshora cikin kasafinka, domin galibi mai karɓar rance ne ke biyan su.

Inda jingina take taɓa zaɓin jadawali shi ne idan kadarar mai saurin tsufa ce. A ƙarshen shekara ta biyu, abin da ya rage a kanka a tsarin raguwa miliyan 6 ne, a tsarin daidai-wa-daida kuma miliyan 7.08. Da injin ne kaɗai jinginarka, kuma darajar sayarwar dolensa ta sauka zuwa miliyan 6.5 a lokacin, da ya rufe bashin a tsari na farko amma ya gaza a na biyu, kuma a irin wannan yanayi ne bankin da kansa zai matsa maka ka ɗauki tsarin raguwa. Kai da gini ne a hannunka, wannan damuwar ba ta shafe ka sosai ba. Haka nan wanda sana'arsa ta riga ta zauna da gindinta, tana barin miliyan 7 tun shekarar farko, ma'auninsa a tsarin raguwa zai fito 1.30, shi kam ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗin ruwa.

Idan biyan wata-wata ne, kamar yadda aka fi yi, sai ka sauya lissafin zuwa `=PMT(20%/12,48,-12000000)`, wanda zai ba ka kusan 365,164 a wata. Ma'aunin shekarar farko zai ɗaga zuwa 1.37, na tsarin raguwa kuma zuwa 1.17, wato hukuncin bai canza ba. Sai dai a nan ka haɗa da jadawalin shigar kuɗi na wata 12 na farko, domin shekara tana iya yin kyau a dunƙule alhali akwai wata biyu ko uku da ciniki bai isa biyan ba. Idan ka ga haka, ka nemi a ɗaga maka biyan uwar kuɗi na 'yan watannin da ake girka injin, ka riƙa biyan kuɗin ruwa kaɗai.

Kafin ka sa hannu, ka karɓi jadawalin a rubuce ka dubi layin kuɗin ruwa. Akwai tsarin da shi ma biyansa ba ya canzawa, amma ana lissafa kuɗin ruwan ne a kan miliyan 12 ɗin asali har ƙarshe, kamar ba ka biya komai ba. A wannan tsari za ka biya miliyan 5.4 kowace shekara, jimillar kuɗin ruwa kuma miliyan 9.6. Alamar gane shi ita ce kuɗin ruwan yana nan a 2.4 daga layin farko har na ƙarshe, alhali a tsarin da muke magana ya kamata ya sauka zuwa 1.95, sannan 1.42, sannan 0.77. Ka kuma nemi a rubuta cikin yarjejeniyar cewa kana da damar rage uwar kuɗi kafin lokaci ba tare da tara ba, ko kuma da ƙaramar tara kawai, domin idan shekara ta biyu ta zo yadda ka tsara, rarar kusan miliyan 2 za ta kasance a hannunka, kuma duk abin da ka zuba daga ciki zai rage kuɗin ruwan shekaru biyun da suka rage.