Cike Gurbi: Word ko Mailchimp?

Idan za a aika wasiƙa ɗaya ga mutane da yawa, akan bar gurbi a cikinta, manhaja ta cike shi da sunan kowa. A Word, gurbin «Company» yana ɗauko sunan kamfani kai tsaye daga layin Excel. Nan hatsarin yake: in aka jera shafin sunaye shi kaɗai, aka bar na adireshi yadda yake, wasiƙar wani kamfani ta tafi ga kishiyarsa, Word kuwa ko gezau. Sai mutum ya danna Preview Results, ya duba farko, tsakiya da ƙarshe.

Mailchimp, dandalin aika imel ga jama'a da yawa, yana ɗaure gurbin sunan farko *|FNAME|* da adireshin imel na mai shi, kuma ana iya ajiye madadi kamar "Malam" in gurbin fanko ne. Amma in tun wajen shigar da jerin aka rikita, shi ma ɓarnar zai aika wa dubbai. Ga aikin kowane mako, Mailchimp ya fi kwanciyar hankali.