Fassarar Sanarwar Rigakafi: A Fara Aiki ko a Fara Tambaya?

An miƙo wa mai fassara sanarwar rigakafin ƙyanda da Turanci, aka ce kawai "a mayar da ita Hausa." Hanya biyu ke gabansa.

Ta farko, ya zauna ya fassara da daidaitacciyar Hausa a boko. Akwai sauri, kuma in takardar ofis ce, shi ke nan. Amma in a rediyo za a karanta, dogayen jimloli za su sarƙe wa mai gabatarwa.

Ta biyu, ya yi tambaya tukuna, kuma ita na fi so. Su wa za su ji, ma'aikatan lafiya ko iyaye mata a karkara? A Kano ne ko a Maraɗi? Wanda ya yi makarantar Faransanci yakan ce "lakwal" inda Bakano zai ce makaranta. Boko ko ajami? Umarni ake bayarwa, "ku kawo yaranku," ko roƙo, "ana roƙon iyaye su kawo yara"? Wannan tambayar ta ƙarshe takan sauya kowace jimla, musamman in ta bakin mai unguwa saƙon zai fita.