Ranar da likita ta ci dabino da hannun da ta shafi ƙasan takalmi

Wata bakwai muka yi muna jiran takardar kira, bayan an kira mu kuwa abin da na gani sai da ya sa na kusa ɗaukar jakata in ja hannun 'yata mu fita. A zama na uku ne. Matar da ke duba autata, wata baturiya da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta cire takalminta, ta shafa tafin hannunta a ƙasansa tun daga dunduniya har kan yatsu, sannan ta miƙa hannun nan cikin robar dabinon da na kawo mata don kyautatawa, ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Auta ta ƙwalla ƙara. Ni kuwa a raina cewa na yi, to, ashe wannan ƙazantar muka yi wata bakwai muna jira.

Shekarar Auta goma. Abin ya fara mata ne sannu a hankali, kuma laifinmu na farko shi ne yabo. Yarinya mai tsafta, in ji kowa. Hajiyarmu ma da take ganin ta ta waya sai ta ce ta gado kakarta. Kafin mu farga wankin hannu ɗaya ya kai minti arba'in. Tana da tsari: kowane yatsa sau bakwai, daga ƙaramin yatsan dama, in ta yi shakkar ƙirge sai ta koma farko. Robar sabulun ruwa ba ta kwana uku. Ga sanyin Manchesta, bayan hannunta ya tsattsage kamar faso a tsakiyar hunturu, har jini yake fitowa. Ba ta taɓa mariƙin ƙofa sai da gwiwar hannu. Tsoronta shi ne ta ɗebo ƙwayar cuta ta kawo gida, in kamu, in mutu, ya zama ita ce sanadi.

Kun san abin da aka ce daga gida, ba sai na faɗa ba. An aiko da rubutu, an aiko da turare, Yaya ya ce sangarta ce ta 'ya'yan Turai, a zane ta sau ɗaya a ga ko za ta sake. Na ji haushin wannan maganar har yau. Mun iya tausayin yaron da zazzaɓi ya kwantar, amma yaron da ke tsaye gaban famfo yana kuka yana wanki, shi iskanci yake yi. Da na ce likitan ƙwaƙwalwa za mu gani kuwa, sai aka yi tsit a waya, kamar na ce Dawanau zan kai ta a ɗaure.

Su ma nan ba a raba su da abin takaici. Sai ka fara ganin likitan unguwa, a minti goma, shi ya rubuta takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara, sannan ka zauna. Ba wanda za ka roƙa, ba ɗan uwan da ya san wani a ciki. Na buga waya ta fi a ƙirga, kullum murya mai daɗi ta ce muna kan layi. A wannan jiran ne wankin ya tashi daga minti goma sha biyar zuwa arba'in. A gida da ko kuɗi ne an haɗa an ga likita cikin mako. Sai dai da layin ya zo kanmu, ko kwabo ba mu biya ba, kuma awa ɗaya cur ake ba mu kowace Laraba, ba a taɓa cewa likita ta fita ba.

Sunan ciwon a bakinsu O-Si-Di, ni dai waswasi nake kiransa, don shi ne. Bayanin da matar ta yi mana a allo ya fi komai zauna mini. Tunani ya faɗo wa yarinya cewa hannunta ya ƙazantu, tsoro ya tashi, ta wanke, tsoron ya sauka. Wannan sauƙin da ta ji shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa wankin ne ya cece ta, gobe kuma za ta nemi wanki fiye da na yau. Maganin shi ne a sa ta taɓa abin da take tsoro da gangan, kaɗan-kaɗan, sannan kada ta wanke, ta zauna da tsoron har ta gani da idonta cewa za ta iya jure shi kuma ba abin da ya faru. Wani masani mai suna Victor Meyer ne ya fara bayyana wannan hanya a Landan a 1966, kuma ƙa'idar da hukumar tsara magani ta Ingila ta fitar a 2005 ta sa ta a gaba ga yara, tare da iyayensu, kafin a kai ga ƙwaya. Shi ya sa ba a ba Auta ko ƙwaya ɗaya ba. An ce mana akwai irin su satralin, in abin ya yi tsanani ko wannan hanyar ta ƙi ci.

Dabinon nan ashe ƙa'ida ce: ba ta sa yaro yin abin da ita ba ta fara yi a gabansa ba. Ba a kuma ce Auta ta taɓa takalmi ranar ba. Tsani suka zana su biyu, kowane mataki da makin tsoro daga 0 zuwa 10, kuma Auta ce ke ba da makin. Mariƙin ƙofar falo 3. Rimot ɗin talabijin da yayyenta suka riƙe 4. Ƙarfen riƙewa na cikin bas 6. Ƙasan takalmi 8. Mariƙin ƙofar banɗakin makaranta 10.

Da ƙofar falo aka fara, a gida, kullum bayan la'asar. Ta kama mariƙin da tafin hannu duka, ta shafa hannun a ɗaya hannun, a kumatu, a riga, don kada ya rage wani wuri mai “tsabta” da za ta fake a kai. Sai mu zauna, duk minti biyar in tambayi maki in rubuta. Ranar farko 3 ɗin da ta faɗa ya zama 7 da hannu ya taɓa ƙarfe. Ta yi kuka, ta ce hannun yana mata zafi. Bayan minti ashirin da biyar ya sauko 4. Rana ta biyar daga 4 ya fara, ya sauka 1 kafin in gama haɗa shayi. Sai da muka yi kwana tara a ƙofar nan kafin a hau rimot. An gargaɗe ni cewa ba kullum makin zai sauka ba, kuma ranar da bai sauka ba amma ta ƙi wankewa, ita ma nasara ce.

Wanki kuma aka yi masa doka: bayan banɗaki, kafin cin abinci, ko in datti ya fito a ido. Matsa sabulu sau ɗaya, daƙiƙa ashirin. Ba a faɗo daga arba'in zuwa nan a rana ɗaya ba, an bi ta minti ashirin, goma, biyar, biyu, da agogon kicin a gefen famfo. Akwai wata dabara da ta ba ni dariya: wani ɗan ƙyalle da aka goga a mariƙin ƙofa, duk ta gama wanki sai ta taɓa shi, don kada ta saba da jin hannu ya fita tas.

Inda aka kunyata ni shi ne zama na huɗu. Matar ta ba ni takarda in rubuta duk abin da nake yi don Auta ta samu sauƙi. Na cika shafi. Ni ke buɗe mata ƙofa, ni ke sayen sabulu katan-katan, na ware mata kofi da tawul, na hana yayyenta zama a gadonta, kuma a rana takan tambaye ni sau talatin, “Umma, hannuna ya fita?” in ce ya fita. Ta karanta, ta ɗago ta ce mini cikin ladabi irin nasu mai ciwo, kowane “ya fita” wanki ne, da baki kawai ake yin sa. Ni da nake aikin kula da tsofaffi, nake koya wa sababbin ma'aikata wankin hannu, wai ni ce ke ciyar da ciwon 'yata. A bas na yi kukana.

Amsar da aka koya mini ita ce, “Wannan tambayar Malam Waswasi ce, ba zan amsa masa ba, amma ina nan tare da ke.” Auta ce ta raɗa masa sunan, don a raba ta da ciwon, faɗan ya zama ni da ita a gefe ɗaya. Makon farko ta yi jifa da kofi, ta ce ba na son ta. An riga an faɗa mini za a yi haka, kuma in na karaya a tambaya ta ashirin, na koya masa cewa ashirin ne farashin.

A mako na bakwai na ɗauka mun gama. Ƙarfen bas mai maki 6 ta kama shi ba ko gezau, ta ce 1. Na je da murna, matar kuwa ba ta yi murna ba. Ta ce tsoron da ya faɗi da sauri haka, a binciki inda ya bi. Ta sa ido a kan hannun: ashe da kan yatsu biyu take kamawa, ta dunƙule su ta ware su daga jiki har mu iso gida. A aljihun jakar makaranta kuma muka tarar da 'yar kwalbar man kashe ƙwayar cuta. Aka koma mataki mai maki 4 aka sake hawa.

Sannan ya ɓulla ta alwala. An toshe masa famfon banɗaki, sai ya koma buta: wanke hannu sau goma sha biyu, wai ba ta tabbata ruwa ya kai ba. Baturiyar ba ta yi mana katsalandan ba, cewa ta yi mu tambayi malaminmu iyakar da addini ya sa, ita za ta bi. Limaminmu ya ce sau uku ne iyaka, ƙari a kai ba lada ba ne. Ya kuma tuna mini abin da na haddace a Ahalari ina yarinya ban san amfaninsa ba, cewa mai waswasi a salla ya bar waswasin, kada ya koma ya kawo abin da yake shakka. Na yi shiru. Muna da wannan a allonmu tun kaka da kakanni, amma yaro ya kamu sai mu ɗauko bulala.

Zama goma sha huɗu muka yi. Akwai ma'aunin tsanani da suke cikewa daga 0 zuwa 40, Auta ta fara da 26, ta gama da 11. Ba a ce ta warke ba, an ce yakan leƙo lokacin jarrabawa ko in wani ya kwanta ciwo a gida, aka ba mu tsanin mu ajiye. Ya kuwa leƙo da na yi mura a watan jiya, muka koma ƙofar falo kwana uku.

Jiya Hajiya ta kira muna cin tuwo, ta ga Auta ta sa hannu a kwano ɗaya da yayyenta. Ta ce turaren nan dai ya yi aiki. Na ce Allah ya saka, Hajiya. Auta ta kalle ni, ta ɗaga mini yatsa biyu a ɓoye, wato maki 2, ta ci gaba da lomarta.