Who ko whom: wanne ya dace a saƙon waya?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na tura wa shugaban sashenmu saƙo, na rubuta 'Who should I give the file to?' Sai wata abokiyar aikina ta ce na yi kure, whom ya kamata in sa. Mene ne bambancinsu, kuma dole ne mutum ya riƙa sa whom a saƙon waya?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba ki yi abin kunya ba. Haka Bature ɗan London ko ɗan New York zai rubuta wa ogansa, kuma ba wanda zai ɗaga gira. Ita ma abokiyar taki ba shaci-faɗi ta yi ba, dokar littafin nahawu ta kawo miki. Sai dai dokar littafi daban, abin da ke bakin masu harshen daban.

Abin da ke rikita mu shi ne Hausa ba ta raba waɗannan biyun. Muna cewa "Wa ya kira Audu?" mu kuma ce "Wa Audu ya kira?" A ta farko muna neman wanda ya yi kiran, a ta biyu muna neman wanda aka kira, amma "wa" ɗin nan ɗaya ce, ba ta sauya riga ba. Turanci shi ne ya tanadi kalma biyu. Who ta aikau ce, wato mai yin aikin. Whom ta karɓau ce, wanda aikin ya faɗa kansa. Don haka a bisa doka, "Who called Audu?" ita ce ta farko, "Whom did Audu call?" ita ce ta biyu.

Ba sai kin haddace sunayen nahawu ba. Ki amsa tambayar da he ko him, ki ji wacce ta zauna. "He called Audu": he ta zauna, to who ce. "Audu called him": him ta zauna, to whom ce. Harafin m da ke ƙarshen whom shi ne dai na ƙarshen him, su biyun gado ne daga tsohon Turanci, lokacin da kalmomi ke sauya ƙarshensu gwargwadon aikin da suke yi a jimla. Mu ma muna da irin wannan a "ya kira shi": "ya" mai kira, "shi" wanda aka kira.

Yanzu mu ɗora saƙonki a kan wannan ma'auni. Amsarsa ita ce "Give the file to him", saboda haka littafi yana bayan abokiyarki. Amma jimlar tana da fuska uku, ga su kusa da juna:

"Who should I give the file to?"
"Whom should I give the file to?"
"To whom should I give the file?"

Ta farko ita ce kayan zaman gida, ita ake ji a bakin mutane kullum, kuma ita ta dace da WhatsApp ko gajeren imel. Ta uku babbar riga ce da malum-malum, ta takardar hukuma ko wasiƙar lauya. Ta tsakiyar ce ni ba na so, ko da yake ba kuskure ba ce. Ta sa hular sarauta a sama, silifas a ƙasa: ta ɗauko whom ta manya, sannan ta bar to tana reto a ƙarshe irin na hira. In za a yi ado, a yi shi duka.

Wannan ja da baya na whom ba yau ya fara ba. Tun 1921 masanin harsuna Edward Sapir ya yi hasashen cewa nan da shekara ɗari biyu ko makamancin haka za ta zama tsohon yayi. An ci rabin wa'adin da ɗoriya, tana nan ba ta mutu ba, sai dai ta koma wani lungu ta zauna.

Lungun nan kuwa shi ne dab da bayan ƙananan kalmomi irin su to, with, for, from da of. In ɗaya daga cikinsu ta zo gaba kai tsaye, a rubuce whom ce ke bin ta. Shi ya sa takardar shaida ke buɗewa da "To whom it may concern", kuma ba wanda ke taɓa ta. Haka nan jimla irin "We invited ten people, three of whom came." A nan ko a saƙon waya ne, "three of who" ba ta shiga kunne. In kin ga ta yi miki nauyi, ki raba jimlar biyu: "We invited ten people. Three of them came." Kin kauce wa rigimar ke nan.

Amma ni inda na fi jin tsoro ba rashin whom ba ne, sa ta ne inda ba gidanta ba. Wanda ya sa who a gurbin whom, an ɗauke shi mai sakin jiki. Wanda ya sa whom a gurbin who, ya yi kwalliya ne rigar a juye, kuma duk mai ido zai gani. Na sha cin karo da wannan a wasiƙun ofis. Ga irinta:

"The driver whom I think took the key has gone home."

Da jin ta kamar Turanci mai tsada, alhali kuskure ce. Abin da ya ruɗi mai rubutun shi ne "I think" da ta shigo tsakiya. Ya ga I, sai ya zaci ita ce mai aikin, direba kuma shi aikin ya faɗa wa. To ki ɗora yatsa a kan "I think" ki rufe ta, ki karanta abin da ya rage: direba ne ya ɗauki makulli. "He took the key" za ki ce, ba "him took the key" ba. Ashe who ce mai wurin: "The driver who I think took the key has gone home." Haka za ki yi da "I believe", "she said", "we heard" da 'yan uwansu, duk baƙi ne a jimlar, a rufe su kafin a yi gwaji.

Ki kwatanta da wannan, wadda ta yi kama da ita kamar an tsaga kara: "The driver whom I sent has gone home." A nan ba abin rufewa. Ni na aiki direban, "I sent him", don haka whom ta zauna daram. Sai dai ko a nan ɗin, mai harshen zai fi cewa "The driver I sent has gone home", ya cire kalmar gaba ɗaya. Wannan ma wani gwaji ne mai amfani a irin waɗannan jimloli: in kika cire ta jimlar ta tsaya da ƙafarta, gurbin whom ne. In kika cire ta jimlar ta rushe, kamar ta mai makullin can bayan an rufe "I think", who ce kuma dole a bar ta.

Wuri ɗaya ne ba a sassauci, shi ne zauren jarrabawa. In kina da ƙane mai shirin WAEC, NECO ko JAMB, kada ki karanta masa rabin farko na wannan amsa. Can dokar littafi ake bi, in him ta zauna whom zai zaɓa. Haka ma takardar neman aiki da rubutun jami'a, gara a bi doka.

Saƙon oga kuwa, ki bar shi yadda yake. In gobe takarda ce za a buga a sa hannu a ajiye a fayil, sai ki ɗauko to ɗin daga ƙarshe ki kai ta gaba, ki rubuta "To whom should I give the file?"