Tambayoyin jijiyoyin hannu da na saya: tambaya ta 31 ta biya kuɗina, ta 58 ta ɓata mini rai

Kundin nan da ake ta turawa a zaurukan waya na ɗaliban likitanci a Garwa nake nufi, mai tambayoyi 120 a kan raunin jijiyoyin hannu, kowace da zaɓi biyar da bayanin amsa a ƙasanta. Waɗanda suka sani sun san mai sayarwa, sun san kuɗin. Na saya mako uku kafin jarrabawar ilimin sassan jiki, lokacin da zafin watan Afrilu ya hana kowa barci, ni kuma littafi ya daina shiga kaina. Da na ce jijiya, ta saƙo nake nufi, wadda ke kai umarni ga tsoka ta dawo da ji daga fata. Ba ta jini ba, ba agara ba, tunda Hausarmu duk jijiya take ce musu.

Tambaya ta 31 ce ta kama ni. Mutum biyu ne, dukansu jijiyar ulna ta yanke. Na farko a gwiwar hannu, wajen ƙashin nan na ciki da idan ka buge shi kake jin kamar lantarki ya ja ka. Na biyu a wuyan hannu. Wanne ne ƙaramin yatsa da yatsan zobe za su fi ƙanƙamewa a hannunsa, su zama kamar farcen shaho? Ban ko tsaya tunani ba na zaɓi na gwiwar hannu. Ai rauni in ya fi kusa da tushe ya fi ɓarna, haka hankali ya ba ni. Na duba amsa, sai na ga na wuyan hannu ne.

Na sha jin malami ya faɗi wannan a aji, na rubuta, na haddace, na manta. Abin da kundin ya yi shi ne ya sa na ɗaga hannuna na bi shi gaɓa gaɓa. A cikin tafin hannu akwai ƙananan tsokoki, lumbirikal da waɗanda ke tsakanin ƙasusuwan tafi. Aikinsu su lanƙwasa yatsa a gindinsa, su miƙe gaɓoɓinsa biyu na gaba. Na yatsu biyun ƙarshe jijiyar ulna ce ke ba su umarni. In suka mutu, gindin yatsa ba shi da mai riƙe shi, sai tsokar da ke miƙe yatsu daga bayan hannu, wadda ta jijiyar radiyal ce kuma lafiyarta lau, ta ja shi baya. Saura gaɓoɓin gaba. Su kuma akwai doguwar tsoka da ke kwance a sangalin hannu, mai lanƙwasa kan yatsa, rabinta na wajen ƙaramin yatsa yana karɓar reshe daga ulna can sama, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu. To in yankan a wuyan hannu ne, wannan tsokar ta riga ta karɓi rabonta, tana nan da ƙarfinta, sai ta ja kan yatsun ciki, su ƙudundune. In kuwa a gwiwa ne, ita ma ta mutu, babu mai ja, yatsun su fi sakewa. Hannun ya fi lalacewa, amma a ido ya fi kyan gani.

Jimla ɗaya da suka ƙara a ƙarshen bayanin ita ce ta zauna mini. Wanda ya ji rauni a gwiwa aka ɗinke jijiyar, bayan watanni zai iya dawowa yana kukan yatsunsa sun ƙara ƙanƙamewa. Sau da yawa wannan alamar tohowa ce. Jijiya tana tsirowa kamar milimita ɗaya a rana, za ta iso doguwar tsokar tun kafin ta kai tafin hannu, sai mai ja ya farfaɗo alhali masu miƙewa ba su tashi ba tukuna. Wallahi da na karanta wannan sai da na tashi zaune a kan tabarma.

Kwana biyu bayan haka na je sayen nama wajen wani dattijo maƙwabcinmu, mahauci, wanda wuƙa ta taɓa zame masa ta sare shi a wuyan hannun hagu shekarun baya. Tun ina yaro nake ganin hannun nan, ban taɓa kallonsa ba sai ranar. Yatsu biyun ƙarshe a naɗe suke, bayan hannun ya faɗa tsakanin ƙasusuwa kamar kunya-kunyar gona, musamman kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Na ce, "Baba, don Allah ka ba ni aron hannunka minti biyu." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, har an fara likitancin ke nan? Ga shi." Na yago takardar ƙunshin nama na ce ya matse ta tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, kar ya bari in zare. Da na ja, sai kan babban yatsan ya lanƙwashe ya dafe takardar da farce. A hannun dama kuwa yatsan a miƙe ya riƙe ta. Wannan ita ce alamar Froment, likitan Faransa da ya bayyana ta a 1915: tsokar da ke matso babban yatsa ta ulna ce, ta mutu, sai ya ari ƙarfin mai lanƙwasa babban yatsa, wadda jijiyar mediyan ke ciyarwa. Sannan na shafa masa cikin ƙaramin yatsa, ya ce kamar ta kan fata biyu yake ji. Na shafa bayan hannu ta gefen nan, ya ce, "Nan kam ina ji sarai." Daidai da abin da tambaya ta 33 ta ce: reshen da ke kai ji bayan hannu yana rabuwa da uwarsa kamar santimita 5 sama da wuyan hannu, don haka yankan da ke ƙasa da nan ba ya taɓa shi. Da wannan shafawar kaɗai za ka san a ina jijiyar ta yanke, ko da ba ka ga tabo ba.

A daren na tura wa abokai huɗu saƙo na ce su saya, ko bashi ne su ci. Da a ranar na rubuta wannan sharhin, da yabo kawai za ku karanta.

Sai na shiga sashen jijiyar radiyal. Tambaya ta 58: saurayi ya faɗo daga babur, ƙashin dantse ya karye a tsakiya, hannu ya langaɓe daga wuyansa, ba ya iya ɗaga shi. Me kuma za a samu? Amsar da suka ba da ita ce ba zai iya miƙe gwiwar hannu ba, wai tsokar bayan dantse ta shanye. Bayanin layi biyu ne, babu dalili, ba irin na ulna ba. Amma da yake kundin ya riga ya sace zuciyata, na karɓa na haddace. A zaman bitar da muke yi bayan la'asar na faɗe ta da ƙarfin gwiwa, sai wata 'yar ajinmu ta ce, "Ɗan'uwa, sake dubawa. A tsakiyar ƙashi tsokar bayan dantse tana tsira." Na yi gardama, na nuna mata waya. Ta buɗe littafin zane ta ɗora yatsa a kan hoton. Yawancin rassan da ke zuwa wannan tsokar suna fita tun daga hammata da saman dantse, kafin jijiyar ta gama zagaya kwarin da ke bayan ƙashi. Karaya a tsakiya tana kama jijiyar ne bayan rassan sun tafi. Wuyan hannu zai faɗi, yatsu ba za su miƙe daga gindi ba, ji zai ragu a bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuniya, amma gwiwa za ta miƙe, ko da ƙarfin ya ɗan ragu. Wanda gwiwarsa ke kasa miƙewa shi ne wanda aka danne masa jijiyar a hammata, kamar mai dogara sanda da ya daɗe yana ɗora nauyinsa a kanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan fa ita ce dabarar da kundin da kansa ya koya mini a tambaya ta 31: ka tambayi wane reshe ne ya fita kafin wurin raunin. A sashe ɗaya ya koyar da ita, a sashe na gaba ya taka ta. Kuma ba kuskuren harafi ba ne da za a ce an buga B maimakon D, bayanin ma ya bi amsar. Wannan tambayar malamai suna sonta ƙwarai, domin da ita ake raba raunin hammata da na tsakiyar dantse. Ɗalibin da bai samu mai gyara masa ba zai shiga ɗakin jarrabawa da ita, ya kuma tsaya da ita gaban gadon mai karaya wata rana.

Na rubuta wa mai sayarwa, na haɗa da hoton shafin littafi. Ya karanta, ya yi shiru kwana uku, sannan ya ce za a duba. Har yau ba a turo gyara ba, kuma jiya na ga yana tallarsa ga 'yan shekarar ƙasa da mu.

Daga nan na koma farko ina bin kowace amsa da littafi a buɗe. Sashen mediyan na same shi daidai, har da bayanin da ya sa tsakiyar tafi ba ya mutuwa idan jijiyar ta matsu a ramin wuyan hannu, tunda reshen fatar tafi ta saman ramin yake wucewa. Na kafaɗa ma ba laifi. Na raunin haihuwa kuwa haddar lambobin saiwoyin jijiya da ke fitowa daga laka ce kawai, C5 da C6 ga raunin saiwoyin sama, C8 da T1 ga na ƙasa, ba a faɗi dalilin da hannun jaririn yake juyawa ciki ba. Tambayoyi tara na ƙirga an maimaita su, shekarun majinyaci kaɗai aka sauya. Zane ko ɗaya babu, a darasin da dukkansa hanyar da jijiya ta bi ne. Kamar mutum biyu ne suka rubuta shi, ɗaya ya riƙe hannun marasa lafiya, ɗaya ya kwafo.

Abokan nan huɗu na sake tura musu saƙo. Na ce su yi tambaya ta 25 zuwa ta 50 da natsuwa, sashen radiyal kuma kar su buɗe shi sai da littafin zane a gefe, su fara soke amsar ta 58 su rubuta cewa gwiwa tana miƙewa. Biyu sun riga sun saya. Ɗaya ya ce ya haddace ta tun makon jiya.