Ƙorafi nawa ne ya isa a tashe ka daga barci?

Mu ɗauki mai gidan ruwan leda a Maradi, wanda masu shaguna da masu kura ke aiko masa saƙo ta WhatsApp. Saƙo 80 ke shigowa a rana, kusan 4 daga ciki ƙorafi ne: leda ta fashe, mota ba ta zo ba, ruwa na wari. Huɗu ba abin tayar da hankali ba ne, haka sana'ar take. Abin da yake nema shi ne na'urar da za ta buga masa waya ranar da abin ya wuce ƙa'ida, kafin magana ta zagaye tasha da kasuwa. Hanyoyi uku ke gabansa, kuma mai tsadar ba lalle ita ce ta fi ba.

Mafi arha ita ce kafa lamba guda. Yaron ofis ya riƙa sa wa kowane saƙon ƙorafi alama, a ƙidaya a Excel ko Google Sheets, in an kai takwas a kira mai gida. Ba ta cin ko dala. Aibinta shi ne ba ta san kwanaki ba. Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne a Maradi, saƙonni na iya kai 200, kuma in biyar cikin ɗari ne ke ƙorafi kamar kullum, goma za a samu ba tare da komai ya ɓaci ba. Lambar takwas za ta yi ƙara a kusan huɗu cikin kowace ranar kasuwa biyar. Sati uku da haka, mai gida zai daina ɗaga wayar, ranar da tacen ruwa ya lalace da gaske kuwa ba wanda zai kula.

Ta biyu ita nake ba yawancin mutane shawara, don haka bari in daɗe a kanta. A nan ba a kafa lamba da ka. Ana fara lissafin abin da ake sa ran gani a ranar, sannan a duba ko abin da ya shigo ya yi masa nisa. Ka ɗauki saƙonnin sati takwas da suka wuce, ka cire ranakun da ka san an yi matsala, ka fitar da kason ƙorafi. Ka ninka kason da yawan saƙonnin yau. Ranar Laraba 4 ke nan, ranar Juma'a 10.

To, nisan nawa ne nisa? Ƙirga irin wannan tana hawa da sauka ko da ba abin da ya canza, kuma akwai lissafin da ake kira Poisson da ke faɗin yadda take yi. In matsakaicinka 4 ne, samun 8 ko fiye yana faruwa haka kawai kusan sau ɗaya a kwana 20. Samun 9, sau ɗaya a kwana 47. Samun 10, sau ɗaya a wata huɗu. Kana iya gwadawa da kanka. Ga yadda ake rubuta na takwas ɗin, layin farko a Excel na Turanci, na biyu a na Faransanci da ya fi yawa a ofisoshinmu:

```
=1-POISSON.DIST(7,4,TRUE)
=1-LOI.POISSON.N(7;4;VRAI)
```

Amsar 0,051 ce, wato biyar cikin ɗari. Na Juma'a kuma, mai matsakaicin 10, sai an kai 16 ne ake samun irin wannan ƙarancin.

Kowa zai ce a ranar da ba ta kasuwa ba a sa iyaka goma a huta, amma hutun yana da kuɗinsa. A ce injin liƙe leda ya fara lalacewa, ƙorafi ya ninka, matsakaici ya koma 8. Iyakar takwas za ta kama shi a ranar farko sau 55 cikin 100, iyakar goma sau 28 kaɗai, ka ga ana iya kwana uku ko huɗu ana raba leda mai yoyo kafin waya ta yi ƙara. In abin ya ninka sau uku, dukansu suna kamawa: 91 da 76. Don haka tambayar ta kuɗi ce. Ƙarar banza tana cin minti goma na wanda zai buɗe saƙonnin ya karanta. Kwana uku na kaya mara kyau yana cin masu shago da ba za su dawo ba. Ni da zan sa biyu: takwas ta je wa yaron ofis ya leƙa, goma ta je wa mai gida.

Akwai ramuka guda biyu da ake faɗawa. Ɗaya, ƙidayar saƙo maimakon mutum. Hajiyar da ranta ya ɓaci za ta aiko saƙo shida a jere, lissafin kuma ya ɗauka mutum shida ne. A ƙidaya lambar waya sau ɗaya a rana. Ɗaya kuma, yawan dubawa. Wanda ya ce na'ura ta duba duk awa, sau 12 a yini, da iyakar da ke kuskure sau ɗaya cikin ɗari, zai sha ƙarar banza kusan duk kwana takwas. In za ka duba da awa, dole iyakar ta yi sama. Sannan wannan hanya ba ta ganin abin da ke hawa a hankali, kamar 4 ta zama 6 ta zauna a nan. Maganinsa ka riƙa haɗa jimillar kwana bakwai, inda 40, har da ranakun kasuwa biyu, za ta koma 60 ta fito fili.

Ta uku ita ce sayen manhajar da ke karanta saƙo da kanta ta raba mai daɗi da mai zafi, ana biya wata-wata, galibi da dala ta Amurka ko yuro. Kafin ka ji farashi, tambayi mai sayarwa abu biyu. Tana ganin inda mutanenka ke magana? Saƙon WhatsApp a kulle yake tsakanin mai aikawa da mai karɓa, manhajar da ke bin shafukan jama'a ba ta ganinsa sai an haɗa ta da lambar kamfanin, kuma da yawa daga masu shago murya suke aikowa, ba rubutu ba. Na biyu, tana jin Hausa? Tarin saƙonnin da masu bincike suka tantance a 2022, NaijaSenti, daga Twitter na Najeriya aka kwaso shi. Hausarmu da ke gauraye da Faransanci, ana rubuta “tch” a wurin “c” da “ou” a wurin “u”, wata aba ce daban. Ga kuma gatse: “Sannu da ƙoƙari, Alhaji, tun safe muke jira” na'ura na iya sa shi a layin yabo.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ware tsofaffin saƙonni 200, ka raba su da hannunka, ka ba mai sayarwa ya zuba a manhajarsa a gabanka. In ƙorafi 20 ne a ciki ta kama 10, to huɗunka na kullum biyu za ta gani, a kan ƙirga ƙarama haka kuwa ba iyakar da za ta yi aiki. In kuma ba ta bari ka sa iyaka dabam ga kowace rana, ko ka fitar da alƙalumanka ka duba, ka sayi hanyar farko ce da tsada. Manhaja na biyan kuɗinta ne idan saƙonni sun kai dubbai, sun fi ƙarfin mutum ɗaya. A kan 80, yaro mai hankali ya fi ta.

Kowace ka zaɓa, akwai kalmomin da ba sa jiran ƙirga. Ga mai ruwa, “gudawa”, “amai” da “asibiti” iyakarsu ɗaya ce: saƙo guda, a kira mai gida, ko da ƙarfe biyun dare ne.